Karanta jadawalin tarihin canjin sefa da naira: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu fatauci tsakanin Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena da kasuwannin Nijeriya, tun da wayoyi suka fara nuna mana zanen hawa da saukar kuɗi na shekaru da dama. A duk amsoshin, jaka tana nufin sefa 1,000, kuma farashin shi ne yawan nairar da ake samu a kan jaka ɗaya.

Na buɗe jadawalin, na ga layi yana hawa. Sefa ce ta yi ƙarfi ko naira?

Kafin ka dubi layin, dubi haruffan da ke samansa. Idan an rubuta XAF/NGN, ana gaya maka nairar da sefa ɗaya za ta saya, don haka hawan layi ƙarfin sefa ne. Idan an rubuta NGN/XAF, an juya maganar, kuma labarin nan ɗaya zai bayyana a matsayin gangara. Mutum biyu kan zauna a rumfa guda suna gardama, wannan ya ce kuɗi ya hau, wancan ya ce ya sauka, alhali duk gaskiyarsu, kowa da fuskar da ya buɗe.

Jadawalin yakan ba da farashin sefa ɗaya tak, wani abu kamar 2.5. Ka ninka shi sau dubu, sai ya zama naira 2,500 a jaka, yadda 'yan canji ke faɗa. Ka kuma tabbata XAF ka zaɓa, sefar bankin BEAC da ake kashewa a Kamaru da Cadi, ba XOF ta Nijar da Benin ba. A jadawali darajarsu ɗaya ce, amma a hannun ɗan canji takardun biyu ba lallai su yi farashi ɗaya ba.

Me ya sa layin sefa da yuro yake a miƙe, ba ya motsi?

Domin ɗaure su aka yi. Tun daga 1 ga Janairun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ƙari ba ragi. Kafin nan da faran na Faransa aka ɗaure ta, kuma babban motsin da dattawa ke tunawa shi ne na Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya.

Wannan miƙaƙƙen layin yana da amfani biyu ga mai karatu. Na farko, ma'aunin gwada ingancin manhaja ne: idan ka buɗe EUR/XAF ka ga tsini mai tsawo ya fito a wata rana, kuskuren bayanai ne, kuma sai ka yi hattara da sauran jadawalin wannan wurin. Na biyu, yana nuna maka cewa jadawalin dala da sefa ba labarin Kamaru ko Cadi yake ba ka ba, labarin yuro ne. A tsakiyar 2008, da yuro ya kai wajen dala 1.60, dala ta faɗo zuwa kusan sefa 410. A ƙarshen Satumbar 2022, da yuro ya yi ƙasa da dala ɗaya, dala ta haura sefa 680. Babu abin da aka yi a Yawunde ko Njamena da ya kawo ko ɗaya daga cikinsu. Lissafin kawai shi ne a raba 655.957 da farashin yuro a dala.

To idan jakar sefa ta hau a naira, ta yaya zan san daga ina abin ya taso?

Layin XAF/NGN layi biyu ne aka haɗa. Ana ɗaukar farashin dala a naira, a raba shi da farashin dala a sefa. Misali, idan dala tana naira 1,500 kuma tana sefa 600, jaka za ta kama naira 2,500. Saboda haka duk lokacin da ka ga motsi, buɗe USD/NGN da EUR/USD na wannan lokacin ka ajiye su kusa da juna. Idan na naira ne ya motsa, maganar daga Abuja ko Legas take. Idan na yuro ne, daga Turai ko Amurka take.

Bambancin yana da muhimmanci saboda halinsu ba ɗaya ba ne. Motsin yuro sannu-sannu yake, kashi ɗaya cikin ɗari a rana ma ana kiransa babban motsi, kuma yakan je ya dawo. Motsin naira a farashin hukuma kuwa, a shekarun da Babban Bankin Nijeriya ke riƙe da ita, yakan kwanta watanni ba ya ko numfashi, sannan rana ɗaya ya yi tsalle ya zauna a sama.

Mene ne bambancin tsini da matakala? Duk ai tsalle ne a idona.

Nan ne karatun jadawali yake, kuma nan ne aka fi yin asara. Tsini shi ne layi ya tashi kwatsam ya dawo inda yake cikin kwana ɗaya zuwa uku. Matakala ita ce ya tashi ya ƙi dawowa, ya kafa sabon wurin zama. A ranar da abin ya faru kamarsu ɗaya, sai kwanakin da suka biyo baya ne ke raba su.

Jadawalin naira tun daga 2016 yana da manyan matakalu uku da kowa zai gani da ido. A Yunin 2016 Babban Bankin Nijeriya ya saki nairar da ya daɗe yana riƙewa a wajen 197 zuwa 199 a dala, ta wuce 280 nan take. A tsakiyar Yunin 2023 aka haɗe farashin canji na hukuma wuri ɗaya, dala ta tashi daga wajen 460 ta zarce 700 cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen Janairun 2024 kuma ta sake tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. Babu ɗaya cikin ukun da ya koma tsohon wurinsa. Wanda ya riƙe naira yana jiran ta dawo, bai ga ranar ba.

Akwai tambayoyi uku da za ka yi wa kowane tsalle. Shin wata manhajar dabam ta nuna shi a rana ɗaya, kuma da girma ɗaya? Idan a wuri guda kawai ya fito, kuskure ne. Shin akwai sanarwar babban banki ko ta gwamnati a ranar? Matakala kusan kullum da sanarwa take tafiya, tsini kuwa sau da yawa ba ya da uba. Shin bayan kwana uku zuwa biyar na aiki layin ya dawo kusa da inda yake? Idan bai dawo ba, ka fara lissafi da sabon farashi, ka daina kiransa tsini.

Sefa da naira ba kuɗaɗe ba ne da manyan bankunan duniya ke musayarsu kai tsaye dare da rana, shi ya sa jadawalinsu ya fi na dala da yuro yawan tsinin ƙarya. Lamba ɗaya ta shiga ba daidai ba, ko a ɗauko farashin wata kasuwa a haɗa da na wata, sai ka ga layi ya soki sama.

Amma Malam, a Yunin 2023 ina Banki, ban ga jaka ta yi irin wannan tsallen ba. Jadawalin ƙarya yake yi?

Ba ƙarya yake yi ba, wata kasuwa yake nunawa dabam da wadda kake ciki. Galibin jadawalin da ke waya farashin hukuma suke bi. Kafin Yunin 2023, hukuma tana cewa dala wajen naira 460 ce, a kasuwar bayan fage kuwa ana sayar da ita wajen 750. Ka raba kowanne da farashin dala a sefa na lokacin, wanda ke kusa da 610. Na hukuma zai ba ka jaka a wajen naira 760, na bayan fage kuma wajen 1,230. Ɗan canjin kan iyaka da na biyun yake aiki. Da aka haɗe farashin, sai jadawali ya taso daga 760 ya riski inda kasuwa ta daɗe da zama. A waya abin ya yi kama da girgizar ƙasa, a Amshide da Fotokol kuwa ƙaramin motsi ne a wannan makon.

Abin da wannan ke koyarwa a aikace shi ne, duk ɓangaren jadawali da ke kwance ɗabas na watanni, ba ya nufin kasuwa ta natsu, yana nufin an riƙe farashin da hannu. Kada ka ɗauki lambobin irin wannan lokacin ka ce haka ka saya ko haka ka sayar. Tun daga 2024 tazarar da ke tsakanin kasuwannin biyu ta ragu sosai, don haka jadawalin kwanan nan ya fi kusa da abin da za ka tarar.

Yaya ake fitar da matsakaicin farashi, kuma na kwana nawa ya kamata?

Bari mu yi da misali, lambobin ƙirƙira ne don koyo. Wata Hajiya a Marwa tana saro atamfa daga Kano, ta rubuta farashin jaka na kwana bakwai: 2,500, 2,510, 2,490, 2,520, 2,800, 2,515, 2,505. Jimillarsu 17,840. A raba da bakwai, matsakaici ya kama kusan 2,549.

Yanzu dubi lambobin da kyau. Shida daga cikinsu suna tsakanin 2,490 da 2,520, babu wanda ya kai 2,549. Wannan 2,800 ɗin shi kaɗai ya janye matsakaicin sama. Idan aka cire shi, shidan da suka rage jimillarsu 15,040, matsakaicinsu kusan 2,507. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar cire komai: ka jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. A nan na huɗu ne, wato 2,510. Tsini komai tsawonsa ba ya iya jan na tsakiya.

Ga abin da ke cikin bambancin. Idan Hajiya za ta canza sefa miliyan biyu, wato jaka 2,000, kuma ta tsara sarinta a kan 2,549, tana sa ran naira 39 a kowace jaka fiye da abin da kasuwa ke bayarwa. Naira 78,000 ke nan da ta sa a lissafi ba za su zo hannunta ba, tun kafin ɗan canji ya cire nasa.

Wanda ke da manhajar lissafi, ya sa farashin a layin B, daga B2 zuwa B8, ya rubuta:

```
=AVERAGE(B2:B8)
=MEDIAN(B2:B8)
```

Idan manhajar da Faransanci take, kamar yadda aka fi samu a nan:

```
=MOYENNE(B2:B8)
=MEDIANE(B2:B8)
```

Idan amsoshin biyu suka yi kusa, kwanakin lafiya lau suke. Idan suka yi nisa da juna, akwai tsini ko matakala a ciki, sai ka koma ka nemo ta.

Maganar yawan kwanaki kuwa, ta danganta da tsawon lokacin da kuɗinka ke ɗauka kafin ya juyo. Mai zuwa Mubi kowane mako, na kwana bakwai ya ishe shi. Mai ba da kaya bashi na wata ɗaya ko biyu, ya dubi na kwana talatin. Matsakaicin shekara guda na masu rahoto ne, ba na mai shago ba.

Me ya sa aka ce kada matsakaici ya ƙetare matakala?

Ɗauki 2023 a farashin hukuma. Watanni biyar da rabi na farko jaka tana wajen 760. Bayan Yuni ta koma wajen 1,280, ta ci gaba da hawa. Idan ka haɗa shekarar duka ka raba, za ka sami lamba wajen dubu da wani abu, farashin da kasuwa ba ta taɓa zama a kansa ba, wucewa kawai ta yi ta kansa. Mai duba wannan lambar zai ce farashin yau ya fi matsakaici da yawa, don haka dole ya sauko. Ba dole ba ne. Tsohon farashin na wata doka ce da aka riga aka soke.

Saboda haka idan ka gano matakala, ja layi a wurin. Abin da ke hagu tarihi ne, lissafinka ya fara daga dama. Ko da kwana goma kawai ka samu bayan matakalar, matsakaicinsu ya fi na wata shida da ya haɗa da tsohon zamani gaskiya.

Yaya zan gane alkiblar farashi, ba hayaniyar yau da gobe ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar kallon ƙololuwa, ka kalli inda layi ke tsayawa in ya sauko. Idan kowane saukowa yana tsayawa sama da na bayansa, 2,450 sannan 2,480 sannan 2,510, alkiblar sama take, ko da yau an wayi gari da ragi. Idan wuraren tsayawar suna ƙara yin ƙasa, ta juya.

Hanya ta biyu ita ce matsakaici mai tafiya. Kowace rana ka fitar da matsakaicin kwana talatin da suka wuce, gobe ka zubar da rana mafi tsufa ka ƙara sabuwa. Wasu manhajojin suna zana shi da kansu, a ƙarƙashin suna MA ko SMA. Idan farashin yau yana sama da wannan layin kuma layin kansa yana hawa, alkibla ta tabbata. Aibinsa shi ne jinkiri: matsakaicin kwana talatin yana bayan kasuwa da kusan mako biyu, kamar mai bin sawun shanu, ya san inda suka bi amma ba ya tare da su.

Kuma alkibla ba alkawari ba ce. A 2024, daga Maris zuwa tsakiyar Afrilu, naira ta farfaɗo ƙwarai, dala ta sauko daga wajen 1,600 zuwa ƙasa da 1,200 a farashin hukuma. Makonni aka yi ana gangara, duk alamun da na lissafa sun nuna alkibla ce ta gaske, kuma ta gaske ce a lokacin. Kafin Mayu ya ƙare dala ta koma wajen 1,500. Wanda ya buɗe jadawalin wata ɗaya a tsakiyar Afrilu ya ga naira tana cin kasuwa. Wanda ya buɗe na shekara ɗaya ya ga rami ne a cikin doguwar hawa. Shi ya sa nake ganin kada mutum ya yanke shawara da taga ɗaya: danna 1M na wata ɗaya, sannan 1Y na shekara ɗaya, sannan 5Y na shekara biyar, ka ga ko labarin ya canza.

Wani jadawalin yana nuna tashin hankali, wani kuma na ranakun nan ɗaya yana nuna lafiya lau. Wanne zan gaskata?

Karanta lambobin da ke gefe. Manhajoji suna miƙe zanen ya cika fuskar waya, ko motsin babba ne ko ƙarami. Idan lambar ƙasa 2,495 ce ta sama kuma 2,515, duk dutsen da kake gani naira 20 ne, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kullum ka mayar da motsi zuwa kashi cikin ɗari: bambancin, a raba da farashin farko, a ninka ɗari.

A jadawalin shekaru da yawa kuma akwai wata yaudarar ido. Tashi daga 300 zuwa 600 da tashi daga 1,200 zuwa 2,400 duk ninki biyu ne, zafinsu a aljihu ɗaya, amma na biyun zai fi na farko tsawo sau huɗu a zane. Shi ya sa matakalar 2016 take zama 'yar ƙarama a jadawalin yau, alhali waɗanda suka sha ta sun san ba ƙarama ba ce. Idan manhajarka tana da maɓallin Log, danna shi, zai daidaita wannan.

An ce sefa ta hau da kashi 68, wani ya ce naira ta faɗi da kashi 41. Wa ya yi kuskure?

Babu. Daga 760 zuwa 1,280 ƙarin 520 ne, a raba da 760, kashi 68. Ta ɗaya fuskar, naira dubu da ke sayen sefa 1,316 ta koma sayen 781, ragin 535, a raba da 1,316, kashi 41. Ka yi lissafi da fuskar kuɗin da ke hannunka.

Me ya sa Asabar da Lahadi layin yake kwance?

Kasuwar bankuna a rufe take, manhaja tana maimaita farashin Juma'a ne. Idan za ka fitar da matsakaici, ranakun aiki kawai za ka ƙirga, in ba haka ba Juma'a ta shiga sau uku. 'Yan canji kuwa ba sa hutun ƙarshen mako, farashinsu na iya motsawa jadawali bai sani ba.

Na nuna wa ɗan canji farashin waya, ya yi dariya. Cuta ta yake so ya yi?

Ba lallai ba, Alhaji. Lambar da ke jadawali tsakiya ce tsakanin farashin saye da na sayarwa a manyan cinikayya, babu wanda ke ba da ita a kan tebur. Ɗan canji yana da farashi biyu, kuma a tazarar da ke tsakaninsu yake cin abinci. Bayan haka akwai abubuwan kan iyaka da jadawali ba ya gani sam: ranar kasuwar shanu da ake neman sefa da yawa, lokacin da aka rufe iyaka kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko bambancin tsabar kuɗi da turawa ta banki. A farkon 2023, bayan an canza takardun naira 200, 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta yi wuya, takardar naira a hannu ta fi wadda ke asusu tsada, alhali layin hukuma yana kwance abinsa.

Abin da zai yi maka amfani shi ne ka auna tazarar da kanka. Duk ranar da ka yi canji, rubuta lamba biyu a littafinka: ta waya da wadda aka ba ka a hannu. Bayan wata guda za ka san tazarar da aka saba a kasuwarku. A ce ka ga kullum ana ba ka ƙasa da waya da naira 40 zuwa 60 a jaka. Ranar da aka ce maka ragin 150 ne, ka san da magana: ko dai tsabar naira ta yi ƙaranci a garin, ko labari ya iso wa 'yan canji wanda bai hau jadawali ba tukuna, ko kuma wannan mutumin ne kawai ya tsawwala. Tambayi mutum biyu a gaba kafin ka miƙa kuɗin. Idan su ma haka suka ce, kasuwa ce ta motsa, sai ka rubuta sabuwar tazarar da kwanan watanta.